"An Buge" Ko "Ya Buge"? Fashin Baƙi Kan Faɗin Wanda Ya Aikata a Rahoton Hatsari

Me ya sa hatsari ɗaya zai faru a Tumfure, rahoto na farko ya ce "an buge mai keke napep", na biyu ya ce "tifa ta buge mai keke napep", na uku kuma ya ce "direban tifa ya bugi keke napep ta baya"? Wanne ne daidai a cikinsu, kuma wanne ya kamata mai rubuta rahoto ya ɗauka?

Duk wanda ke zama a majalisa a Gombe ko Bauchi ya san gardamar da ke tashi idan aka karanto irin wannan labari a rediyo. Wasu su ce ana ɓoye mai laifi ne don motar ta wani babba ce. Wasu su ce ai ba a gama bincike ba, wa ya isa ya yanke wa mutum hukunci a takarda? Maganar ta ƙara nauyi tun da 'yan sanda suka fara matsa lamba kan inshorar mota a ranar 1 ga Fabrairun 2025, wato inshorar da ke biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna. Kuɗin wannan inshora na ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma abin da za ta iya biya na ɓarnar dukiyar wani ya kai naira miliyan 3. Amma kamfanin inshora ba ya biya da labarin baki. Takarda yake karantawa, kuma abin da yake nema a cikinta shi ne wa ya yi me.

Hanyoyi uku ne a Hausa

A darasin Turanci an koya mana ƙirar jimla iri biyu. Ɗaya tana sa mai aikatawa a gaba. Ɗaya kuma tana juya jimlar ta sa wanda aikin ya faɗa wa a gaba, sannan ta rataya mai aikatawar a ƙarshe, ko ta yar da shi gaba ɗaya. Mutane da yawa suna ɗauka haka abin yake a Hausa, alhali namu ya sha bamban.

Hanya ta farko ita ce a bayyana aikau, wato mai aikatawa: "Direban tifa ya bugi keken." Ga wanda ya yi, ga abin da ya yi, ga karɓau, wato wanda aikin ya sauka a kansa.

Hanya ta biyu ita ce "an" da 'yan'uwanta, "aka", "ana", "za a": "An bugi keken." Ita ce muke amfani da ita a madadin waccan juyayyiyar jimla ta Turanci, amma tana da halaye biyu da ya kamata mai rubuta rahoto ya sani. Na ɗaya, ba ta da gurbin da za a rataya mai aikatawa a ƙarshe. Idan ka ce "an buge shi", ka rufe ƙofa ke nan, ba inda za ka sa direban sai ka buɗe sabuwar jimla. Masu fassarar gaggawa sukan yi ƙoƙarin cusa shi da "daga" ko "ta hannun", sai ka ji "an buge shi daga wani direba", maganar da ba Bahaushen da ke yin ta a gida. Na biyu, "an" tana nufin akwai hannun mutum. "An fasa taya" na nufin wani ya fasa ta. "An kashe fitilar baya" na nufin wani ya kai hannu ya kashe. Saboda haka "an" ba tsaka-tsaki ba ce kamar yadda ake zato. Tana cewa mutum ne ya yi, sannan ta ƙi faɗin ko wane ne.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi yawa a bakin direbobi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita: a bar abin ya faru da kansa. "Taya ta fashe." "Birki ya tsinke." "Mota ta ƙwace." "Tirela ta kife." Masu nahawu suna kiran irin wannan aikatau ƙi-karɓau. A nan ba ɓoye mutum aka yi ba, cewa aka yi babu shi sam. Tsakanin "an fasa taya" da "taya ta fashe" akwai tazarar da ta kai tsakanin ɓarna da gangan da tsautsayi.

Akwai kuma wata dabara da Hausa ke da ita wadda ke kashe uzurin masu cewa sun yi amfani da "an" ne don suna son fara jimla da wanda ya ji rauni. Ana iya sa shi a gaba ba tare da an zubar da direban ba: "Mai keken kuwa, direban tifa ya buge shi ta baya." Hankalin mai karatu yana kan mai keke, kuma direban yana nan.

Abin da ke jan alƙalami zuwa "an"

Ba kowane "an" ne na rashin gaskiya ba. Mun taso da ita a matsayin harshen kara. Uba zai shigo gida ya ce "an bar ƙofa a buɗe" alhali ya san ɗan da ya bari. Maigida zai ce wa yaron shagonsa "an yi ɓarna jiya" don kada ya tozarta shi a gaban abokan ciniki. Sakataren ƙungiyar direbobi da zai rubuta rahoto kan dattijon da suka yi shekaru suna tasha ɗaya, hannunsa da kansa zai rubuta "an samu matsala a hanya". Ladabi ne, kuma a wurinsa yana da kyau. Matsalar ita ce mai karanta rahoto a ofishin inshora a Legas ko Abuja bai san tashar ba, bai san dattijon ba, ba zai cike gurbin da kowa a tasha ya san amsarsa ba.

Sai kuma yadda muke magana kan ƙaddara. "Hatsari ya rutsa da su", "tsautsayi ya faɗa musu", "ajali ya yi kira". A zaman makoki wannan ita ce maganar da ta dace. A rahoto kuwa, hatsari ya zama shi ne mai aikatawa, mutanen da ke riƙe da sitiyari duk sun koma waɗanda aka yi wa. Addini ma bai ce imani da ƙaddara ya share mai aikatawa ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi magana a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ta ɗora kaffara da diyya. Ba ta kira shi mai gangan ba, kuma ba ta ce babu wanda ya yi ba.

Tsoro ma yana ciki, da son kare maigida, da fassara. Sau da yawa bayanin hukuma yakan fito da Turanci a juyayyiyar jimla da mai aikatawa a rataye a ƙarshe. Mai fassara a ɗakin labarai, yana sauri, sai ya mayar da ita "an", wutsiyar ta faɗi a hanya. Ba wanda ya yi niyyar ɓoyewa, amma direban ya ɓace.

Da gaske ƙirar jimla tana juya hukuncin mai karatu?

An gwada. A 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Caitlin Fausey da Lera Boroditsky, sun ba mutane labarin gobara a gidan cin abinci. Rukuni ɗaya ya karanta cewa wata mata ta tunkuɗe kyandir, ɗayan ya karanta cewa kyandir ya faɗi. Sauran bayanan duk ɗaya ne. Waɗanda suka karanta jimlar da ta bayyana matar sun fi ɗora mata laifi, kuma tarar da suka yanke mata ta fi ta ɗaya rukunin da kusan kashi 36 cikin ɗari.

Wannan sakamako yana da baki biyu. Zubar da mai aikatawa yana rage masa nauyi, bayyana shi kuma yana ƙara masa. Don haka babu ƙirar da za a ce ita ce mai adalci a kowane hali. Abin da nake gani shi ne kowace jimla ta bi abin da marubucin ya sani da yadda ya san shi. Idan akwai shaidar wanda ya yi, a faɗe shi. Idan babu, a yi amfani da "an", a kuma faɗi cewa ba a sani ba. Idan magana ce ta wani, a jingina masa ita.

Rahoto ɗaya, jimla bayan jimla

Ga misali na koyarwa, ba labarin kowa ba ne. Tifa ɗauke da yashi tana gangarowa daga wajen Tumfure zuwa cikin Gombe. Keke napep ya tsaya a gabanta yana sauke fasinja. Jami'in sufuri na kamfanin da ke da tifar ya isa wurin bayan an watse, ya rubuta wannan:

"Da misalin ƙarfe 4:20 na yamma hatsari ya rutsa da motarmu a hanyar Bauchi. Birki ya tsinke, mota ta ƙwace, aka bugi wani mai keke napep da ya tsaya a kan hanya ba bisa ƙa'ida ba. An samu rauni. An janye keken, an kai waɗanda abin ya shafa asibiti."

A karanta shi sau ɗaya, ba a ga ƙarya ba. A sake karantawa ana neman mutane. Mutum ɗaya tak ne ya aikata wani abu a cikin rahoton nan, shi ne mai keke, kuma abin da ya aikata an riga an yanke masa hukunci a kai: "ba bisa ƙa'ida ba". Direban tifa bai bayyana ko sau ɗaya ba. Wanda bai san komai ba zai ɗauka motar ita kaɗai ta fito daga gareji. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane rahoton da ya karkata: a ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, a rubuta a gefe wa ya yi. Idan ɓangare ɗaya ya samu "ya tsaya", "ya shiga", "ya tsallaka", ɗaya ɓangaren kuma ya samu "an", "ta ƙwace", "ya auku", to ba a auna su da mudu ɗaya ba.

"Birki ya tsinke" ita ce jimlar da ta fi kowacce nauyi, don ita ce ke ɗauke laifi daga mutum ta ɗora wa ƙarfe. Jami'in bai shiga ƙarƙashin motar ba. Daga bakin direba ya ji. Amma ya rubuta ta kamar abin da ya gani da idonsa. Ƙari a kan haka, kalmar ta haɗe abubuwa daban-daban a wuri ɗaya. Manyan motoci irin tifa galibi da iska birkinsu ke aiki. Tiyon iska na iya yoyo, iska ta sauka, kuma mota mai lafiya tana yin gargaɗi da ƙara ko fitila kafin ta kai ga haka. Birki na iya yin zafi a gangara idan direba ya yi ta danna shi bai sauko da giya ba, har ya daina kamawa sosai. Fatar birki na iya cinyewa saboda an daɗe ba a canza ba. Kaya na iya fin ƙarfin mota, ta yadda birki mai lafiya ma ba zai tsayar da ita a tazarar da aka saba ba. A bayan kowanne akwai mutum daban: direban da ya ji gargaɗi ya ci gaba, ko wanda ya sauko gangara da babbar giya, ko mai motar da bai kai ta gareji ba, ko wanda ya loda. Jimla mai kalma uku ta rufe waɗannan tambayoyi duka.

A misalinmu kuma akwai sawun taya baƙi a kan kwalta, mita 18, wanda ya ƙare inda gilashi ya zube. Irin wannan sawu yana nuna aƙalla wasu tayoyin sun daina juyawa sun ja a ƙasa, wato wani birki ya kama. Bai tabbatar da cewa direba ƙarya yake yi ba, don birki na iya kamawa a wasu tayoyi ya ƙi a wasu. Amma bai dace da "ya tsinke" kai tsaye ba. Abin da ya kamata jami'in ya yi shi ne ya ajiye maganar direba a matsayin maganar direba, ya ajiye sawun a matsayin abin da shi ya auna, ya bar wa jami'in duba lafiyar motoci, wato VIO, ya ce ga halin da birkin yake ciki.

"Mota ta ƙwace" ba ta ƙara komai ba, sai dai ta mayar da motar mai ra'ayin kanta.

"Aka bugi wani mai keke napep." A nan ba wanda ke gardamar wa ke riƙe da sitiyarin tifa. Direban bai musa ba, mai shayin gefen hanya ya gani, fasinja ta gani. Abin da kowa ya yarda da shi ba dalilin lulluɓe shi da "aka". Sannan jimlar ta ce mutum aka buga, alhali bayan keken ne tifar ta taɓa. Ga mai binciken hatsari wannan bambanci ne babba, don inda motoci biyu suka haɗu shi ke nuna wa ke gaba, wa ke baya.

"An samu rauni" ta zubar da mai aikatawa, ta kuma zubar da wanda aka yi wa. Matar da ƙafarta ta karye ba ta cikin rahoton, kuma ita ce za ta nemi kuɗin magani.

"An janye keken." Wannan kaɗai ce "an" da ta cancanci zamanta, in har jami'in bai san masu janyewar ba. Amma sai ya faɗi haka, saboda janye abin hawa kafin a auna wuri yana ɓata shaida, kuma mai karatu zai so ya san ko yaran tifar ne suka janye ko masu wucewa.

Ga yadda rahoton zai koma:

"Da misalin ƙarfe 4:20 na yamma direban tifa yana tuƙi daga Tumfure zuwa cikin Gombe, ɗauke da yashi. Mai keke napep ya tsaya a gabansa yana sauke fasinja. Mai shayin da ke gefen hanya ya ce tayar keken ta baya ta hagu tana kan kwalta, sauran biyun a gefe. Direban tifa ya bugi keken ta baya da ɓangaren dama na gaban motar. Direban ya ce ya taka birki bai kama ba. Na auna sawun taya mita 18 a kan kwalta, ya ƙare inda gilashi ya zube. VIO bai duba birkin ba tukuna. Fasinja ɗaya, mace, ta karye a ƙafar dama, kamar yadda takardar likita ta nuna. Kafin in isa an janye keken daga kan hanya, kuma ban samu wanda ya ga masu janyewar ba. Jami'an kiyaye haɗurra sun kai fasinjar da mai keken asibiti."

Ya fi tsawo, kuma ba zai yi wa mai tifar daɗin karatu kamar na farko ba. Amma a lura, bai ce direban ne mai laifi ba. Tayar keken da ke kan kwalta tana nan a rubuce, kuma tana iya rage wa direban tifa nauyi idan aka zo rabon laifi. Har marubucin ma ya fito da kansa a "na auna" da "ban samu ba", don gobe idan aka tambaya a kotu wa ya auna, a san wanda zai tashi ya amsa.

Inda "an" take da gaskiya

Wuraren ba su da yawa. Idan ba a san mai aikatawa ba, kamar direban da ya buge mutum da dare ya gudu, "an buge shi" gaskiya ce, ko da yake "wani direba da ba a gane ba ya buge shi ya gudu" ta fi amfani, don tana nuna akwai wanda ake nema. Idan sanin mai aikatawa ba zai canza komai ba, kamar "an share gilashin da ya zube bayan an gama awo", ba laifi. Haka nan abin da ya faru da jiki ko da ƙarfe wanda aka gani aka tabbatar, kamar "ƙafarta ta karye" ko "tayar gaba ta fashe", ba sai an ƙirƙiro masa mai aikatawa ba. Sai dai fashewar taya ma a bi ta da tambaya: kafin karo ta fashe ko bayansa, kuma a wane hali take?

Mota ce ta buge ko direba?

"Tifa ta buge shi" tana kama da jimla mai bayyana aikau, amma aikau ɗin ƙarfe ne. Tana da amfani idan ana bayanin wane sashe na mota ya taɓa wane, ko kuma idan mota ta gangaro babu kowa a ciki, inda tambayar za ta koma kan wanda ya ajiye ta bai ja birkin hannu ba, bai sa dutse ba. A sauran wurare a sa direba.

Mu nan muna da wani tarko na daban. A daidaitacciyar Hausa "ta buge shi" mota ce, "ya buge shi" direba ne. Amma da yawa daga cikinmu a Bauchi da Gombe muna cewa "mota ya zo" a maganar yau da kullum. Idan shaida ya ce "ya zo da gudu ya buge shi", ba lallai ba ne direba yake nufi. Babur da keke kuma dama "ya" ake ce musu, masu tuƙa su ma "ya". Jimla irin "ya kauce masa sai ya buge shi" tana iya ɗaukar ma'ana biyu ko uku. Maganin shi ne a maimaita suna ko da rubutun ya yi nauyi: direban tifa, mai keke, fasinja. Rahoton hatsari ba gasar zube ba ce.

Masu cewa a yi hattara

Suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Amma tabbatar da laifi daban, faɗin aikin da aka gani daban. "Ya bugi keken ta baya" bayanin abin da ya faru ne. "Ya banke shi da ganganci", "ya tattake", "ya yi tuƙin ganganci" hukunci ne. Haɗarin yana cikin zaɓen aikatau da kalmomin da ake liƙa masa, ba cikin ambaton direba ba. Buga, taka, juya, tsaya, wuce, ja baya, waɗannan kalmomi ne da shaida zai iya rantsewa a kansu.

Hujja ta biyu ta masu inshora ce. Takardun inshorar mota galibi suna da sharaɗin kada mai mota ya amsa laifi ko ya yi alkawarin biya ba da yardar kamfani ba. Shi ya sa wasu direbobi ke gudun "na". Amma "na taka birki, na bugi keken ta baya" ba daidai take da "laifina ne, zan biya" ba. Ta farko bayani ne da fom ɗin neman biya da kansa yake tambaya. Kuma akwai abin da ba a cika lura da shi ba: irin wannan inshora tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne saboda alhakin da ya hau mai inshorar. Rahoton da ya share direba gaba ɗaya yana iya wahalar da biyan mai keke da fasinjarsa, sannan rigimar ta dawo ƙofar gidan mai tifar, ya biya daga aljihunsa a zaman sulhu.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi a wurina. Mun san yadda taron jama'a ke huce haushi kan direba ko motarsa idan rai ya salwanta. Sanarwar da za ta fita ga jama'a cikin awa ɗaya da hatsari ba ta buƙatar sunan mutum ko garinsu ko ƙabilarsa. Amma tsakanin kiran suna da "an" akwai matsaya. "Direban babbar motar" ya isa. Cikakken suna da lambar lasisi su zauna a rahoton da ke hannun 'yan sanda, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da kamfanin inshora.

A teburin ɗan sanda

Yawancin mutane ba su ne ke rubuta rahoton ba, bayani suke bayarwa wani ya rubuta. Mai keke ko fasinja ko mai shayi zai zauna a sashen kula da haɗurran mota na ofishin 'yan sanda ya yi magana da Hausa, jami'i ya rubuta, sau da yawa da Turanci, sannan a ce ya sa hannu ko ya dangwala. A tsakanin bakinsa da takardar ne mai aikatawa ke ɓacewa, ko kuma a ƙirƙiro shi. Shaida ya ce "an janye keken", sai a rubuta yaran mota sun janye, don jami'in ya ɗauka haka ake nufi. Ko ya ce "direban ya ce birki ya ƙi", sai "ya ce" ta faɗi, ya zama kamar shi ya shaida lalacewar birki.

Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 17, ta tanadi cewa wanda ake tuhuma da ba ya jin Turanci a samo masa tafinta ya karanta masa bayanin har ya fahimta kafin ya sa hannu, kuma yana iya neman lauya ko wani da ya yarda da shi ya zauna a wurin. Shaida ma ba abin da zai hana shi roƙon a karanta masa. Idan ana karantawa, a kasa kunne ga kowane aiki. Duk inda aka ji "an", sai a tsaya a ce: "Ranka ya daɗe, a nan wa aka rubuta ya yi?" Idan ka ga wanda ya yi, ka ce a sa shi. Idan ba ka gani ba, ka ce a rubuta ba ka gani ba. Idan ji ka yi, ka ce a rubuta daga bakin wa ka ji, don kotu tana bambanta abin da shaida ya gani da abin da aka gaya masa. Gyaran da aka yi a kan takardar kuma a nemi sa hannu kusa da shi, kada a bar fili tsakanin layin ƙarshe da wurin dangwalawa.